Mene ne bayanin tokin, kuma ta yaya ake gane yunit ya yi daidai da kuɗin da aka biya?

Duk wanda ke amfani da mitar kati ya san lambobi 20 ɗin da ake turo masa bayan ya sayi wuta. Su ake kira tokin. Bayanin tokin kuwa shi ne sauran rubutun da ke zuwa tare da su, a rasit ko a saƙon waya: lambar mita, kuɗin da aka biya, abin da aka cire, farashin yunit ɗaya, da adadin yunit ɗin da aka bayar. Yawancinmu lambobin nan 20 kawai muke kwafa mu danna, sauran ko kallo ba ya samu, alhali a can ne lissafin yake.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a mafi yawan mitoci tokin ba kuɗi yake ɗauke da shi ba, yunit ne. Yunit ɗaya shi ne abin da ake rubutawa kWh, wato wutar da na'ura mai jan wat 1,000 za ta sha cikin awa guda. Kwamfutar kamfanin wuta ce ke mayar da kuɗinka yunit tun kafin a fitar da lambobin, ita mita ba ta san nawa ka biya ba. Saboda haka bincike biyu ne: daga kuɗi zuwa yunit a kan rasit, sannan daga rasit zuwa fuskar mita.

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Mutum ya biya 10,000, farashin yunit 50, rasit ya nuna masa 160 kWh. Da ya raba 10,000 da 50 sai ya ga 200, nan take ya ce an cinye masa yunit 40. To amma a rasit ɗin akwai layin bashi, inda aka cire 1,200 na tsohon kuɗin wuta da ake bin mitar. Saura 8,800. A cikin wannan kuma akwai haraji, a ce kashi 10 cikin 100.

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Harajin ana ɗora shi ne a kan kuɗin wutar, don haka ya riga ya shiga cikin 8,800 ɗin. Idan ka cire kashi 10 na 8,800 kai tsaye za ka samu 7,920, wanda zai ba ka yunit 158.4, ka yi ta mamakin inda bambancin ya fito. Daidai shi ne ka raba 8,800 da 1.10, ka samu 8,000. Wannan ne ainihin kuɗin wuta, 800 kuma haraji. Raba 8,000 da 50, ga 160 ɗinka cif. Sai dai ka lura, wasu kamfanonin farashin da suke rubutawa ya riga ya haɗa da haraji, a nan ba sai ka sake cirewa ba.

Ɗan bambancin da bai kai yunit ɗaya ba ba abin tayar da hankali ba ne, cike lamba ne. Wanda ya kamata a bi diddigi shi ne idan farashin da ke rasit ya bambanta da na rukunin da aka sa gidanka, ko ana cire bashin da ba ka san da shi ba, kamar na wanda ya zauna a gidan kafin kai. A wasu wuraren ma farashi hawa-hawa ne, yana ƙaruwa gwargwadon abin da ka saya a wata, shi ya sa saye na biyu kan zo da yunit ƙasa da na farko ko da kuɗin iri ɗaya ne.

Bincike na biyu bai da wuya, amma sai an yi shi kafin a danna lambobin. Duba abin da ya rage a mita ka rubuta. Idan 12.4 ne, bayan ka loda 160 ya kamata ka ga 172.4, ko ƙasa kaɗan idan kayan wuta na kunne. Idan kuma mitar ta ba ka rancen gaggawa har ta shiga −5.0, za ta fara karɓar abinta, ka ga 155.0.

In lissafi ya ƙi fita bayan duk wannan, ɗauki hoton fuskar mita, ka haɗa da rasit mai lambar mita, kwanan wata da lambar ciniki. Da su ne ma'aikacin kamfani zai iya zaƙulo sayen a kwamfuta ya ga farashin da aka yi maka lissafi da shi.