Ba kowane suna ne ke ɗaukar "s" a Turanci ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk sunan da ke nufin abubuwa da yawa a Turanci sai an ƙara masa "s", shi ya sa ake yawan ganin "informations", "feedbacks", "advices" da "equipments" a saƙonnin imel na ofis. Kuskuren yana da dalili, domin a Hausa muna cewa bayani da bayanai, shawara da shawarwari.

Sai dai Turanci yana ɗaukar waɗannan kalmomi kamar ruwa ko gari, wato ba a ƙirga su. Wanda ya rubuta "Thank you for your advices" sai ya gyara zuwa "Thank you for your advice", ko da shawarwari goma aka ba shi. Idan lallai ana son adadi, sai a ce "two pieces of advice".

Kalmar "staff" kuwa ta riga ta ƙunshi dukkan ma'aikata, don haka mutum uku su ne "three staff members".

Mai shakka ya duba ƙamus na masu koyon Turanci: idan ya ga "uncountable" ko "[U]" a gaban ma'anar da yake nufi, kada ya ƙara "s". A taimaka a tura wa abokan aiki wannan bayani.