Kammalawa a rahoton gwaji da na bincike

Kammalawa ita ce sashen ƙarshe na rahoto, inda marubuci yake ba da amsar manufar da ya kafa tun farko. A rahoton gwaji na ɗakin kimiyya ba ta cika wuce jimla biyu zuwa huɗu ba. A kundin digiri ko na difloma, irin wanda ake rubutawa a Jami'ar Jihar Kaduna da sauran manyan makarantu, galibi tana babi na biyar, tsakanin taƙaitawa da shawarwari. Ta bambanta da taƙaitawa: ita taƙaitawa maimaita abin da aka yi take, kammalawa kuwa hukunci take yankewa.

A ɗauki gwajin lilo da ɗaliban sakandare ke yi, wato a ɗaure ɗan ƙarfe a bakin zare a bar shi yana kai da komo. Manufar ita ce gano g, saurin da jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗowa. A ce zaren mita 1 ne, lilo 20 sun ci daƙiƙa 40.6. Lilo ɗaya ke nan daƙiƙa 2.03, kuma lissafin g = 4π²L/T², inda L tsawon zaren ne, T kuwa lokacin lilo ɗaya, zai ba da kusan 9.6 m/s². Kammalawar da ta dace ita ce: "An sami g daidai da 9.6 m/s². Wannan ya gaza 9.8 m/s² da aka ambata a gabatarwa da kusan kashi 2 cikin ɗari. Saboda haka gwajin ya cim ma manufarsa gwargwadon ingancin agogon da aka yi awo da shi."

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne cusa sabon bayani. Ɗalibi kan tuna a ƙarshe cewa iskar hunturu tana shigowa ta taga lokacin awon, sai ya liƙa hakan a kammalawa alhali bai ambata ba a ko'ina. Wani kuma, mai yawan karance-karance, zai ƙara da cewa Kaduna na kusa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, don haka g ɗinta kusan 9.78 ne. Maganar gaskiya ce, tana ma da daɗin ji, amma gurbinta sashen tattaunawa, inda akwai filin kawo hujja. A kammalawa mai dubawa ba shi da inda zai koma ya tantance ta.

Gane kuskuren ba wuya. A bi kowane adadi da kowace da'awa da ke kammalawar a nemo shafin da suka fara fitowa; abin da ba shi da shafi, sabo ne. Sannan a karanta manufar da kammalawar a jere, a ji ko tambaya ce da amsarta. Idan da lissafin ya ba da 7.5, sai a rubuta 7.5 ɗin, a faɗi cewa ya yi nisa da abin da ake tsammani kuma manufar ba ta cika ba.