Idan katin sito ya saɓa da abin da ke kan kanta: yadda odita ke bin sawun magani

Dokar sito a ma'ajin maganin asibiti ba ta da wuyar faɗi: duk ƙwayar magani da ta shigo ko ta fita, sai da takarda. Kowane magani yana da katinsa a jikin kanta, inda ake rubuta ranar shigowa, yawan da aka karɓa, lambar rukuni da kamfani ya buga wa kayan da aka haɗa tare, ranar ƙarewar wa'adi, wanda aka ba, da abin da ya rage. Aikin odita shi ne ya haɗa abu uku wuri ɗaya: katin, takardun neman kaya da sassan asibiti suka aiko, da abin da ya ƙirga da hannunsa.

Ga misali. A ce allurar seftiriyazon ce mai giram ɗaya. Kati ya nuna wata ya kama da kwalba 400, an karɓo 600, an fitar da 730. Ke nan ya kamata a tarar da 270. Odita ya ƙirga a gaban mai kula da sito, ya sake ƙirgawa, ya samu 215. Kwalba 55 sun yi ɓatan dabo.

Odita na ƙwarai ba ya fara da zargin sata. Sai ya ɗauko takardun fitar da kaya, ya bi lambobinsu a jere, ya ga ko akwai wadda ta yi tsallake. Daga nan ya je sashen da ya karɓa ya duba nasu kwafin, domin kowace takarda tana da hannu biyu: na mai bayarwa da na mai karɓa. A misalinmu, sai ga takardar kwalba 40 da ɗakin gaggawa ya karɓa cikin dare, aka manta ba a shigar a kati ba. Wannan sakaci ne, kuma rahoto zai kira shi da sunansa, amma maganin ya isa ga marasa lafiya.

Saura 15. Nan ne maganar wa'adi take shigowa, kuma a ganina nan aka fi samun asarar da ba a ji ƙararta. Ƙa'ida ita ce a fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa, ko da shi ne ya zo daga baya. Mai sauke kaya cikin sauri yakan jera sabon katan a gaba, tsohon ya koma lungu har ya mutu a can. Odita yana gane haka ta lambar rukuni: idan ana ta fitar da rukunin da ke da sauran shekara guda alhali mai sauran wata biyu yana zaune, an karya ƙa'ida. Idan wata da shekara kawai aka rubuta a jikin kwalba, a al'ada maganin yana aiki har ranar ƙarshe ta wannan watan. A misalinmu an samu kwalba 10 da suka ƙare cikin wani kwali a ƙasan tebur. Cire su daga kanta daidai ne, amma dole a rubuta a kati, a keɓe su a wuri mai kulle da alama a jiki, har kwamitin da ke da hurumi ya duba ya ba da izinin lalata su. Mai sito ba ya zubar da magani shi kaɗai, don in an bar wannan ƙofa a buɗe, maganin da aka ce ya ƙare yana iya ɓulla a kasuwa.

Kwalba 5 da suka rage ba su da takarda ko kaɗan. Su ne giɓi na gaskiya. Ba a goge lamba a kati don lissafi ya daidaita. Ana rubuta giɓin da kuɗinsa, mai sito ya ba da amsa a rubuce, sannan hukumar asibiti ta yanke ko a yafe ko a biya ko a zurfafa bincike.

Mutane da yawa ba su san rara ma laifi ba ce. In kati ya ce 270 aka tarar da 300, to ko an rage wa wani sashe abin da ya sa hannu a kai, ko an karɓi kaya ba a rubuta ba, ko an rikita katan da ƙwaya wajen lissafi.

Magunguna masu tsananin kulawa irin su mofin da fetidin masu kashe matsanancin ciwo kuwa, nasu ya fi tsauri. Suna da rajista ta daban da akwati mai kulle, ana rubuta sunan majiyyacin da aka yi wa, kuma ko kwalba ɗaya ce ta fashe, sai mutum na biyu ya shaida ya sa hannu. Giɓi a nan ba a jiran zuwan odita, ana kai rahotonsa ranar da aka gano shi.