Kundin shiri mai dogon zango: abin da kwamitin tasha ke dubawa kafin ya ce a fara

Ga tambayoyin marubuta daban-daban, kowace da amsarta a ƙasa.

Na kammala rubuta kashi na farko na wani shiri mai dogon zango, sai tashar da na kai wa ta ce in haɗo da kundin shirin kafin kwamiti ya zauna. Me suke nema wanda babu shi a labarin da na riga na ba su?

Kashi na farko yana nuna musu ka iya buɗe labari, amma ba ya nuna ko labarin zai kai kashi na goma sha uku da ransa. Masu saye sun sha ganin shirin da ya fara da zafi, ya kai kashi na huɗu ya ƙare, sauran makonnin aka cika su da zaman falo da maimaita zance. Kundin shi ne hujjarka cewa naka ba zai yi haka ba. A ciki za su ga ginshiƙin labarin, mutanen da ke ɗauke da shi, yanayin shirin, da tsarin zangon daga farko har ƙarshe.

Wanda ake kai wa kwamiti gajere ne, shafi 10 zuwa 15 ya wadatar. Kada ka haɗa shi da babban kundin da marubuta ke riƙewa bayan an fara aiki, wanda ake ta ƙara masa bayani kamar shekarun kowa, wa ya auri wa, wa ya san wane sirri. Wancan na cikin gida ne. Ka tuna kuma a kwamitin akwai mai kula da shirye-shirye, akwai mai riƙe da kuɗi, akwai mai neman talla, kowa da abin da yake lalube, kuma da wuya a samu wanda zai karanta shafi 40.

Idan na zo taƙaita labarin sai in ga na cika shafi uku. Yaya ake rubuta ginshiƙin?

A mataki biyu. Da farko jimla ɗaya ko biyu, sannan rabin shafi zuwa shafi guda na faɗaɗawa. Jimlar farko dole ta ɗauki abu huɗu: wane ne, me ya faɗo masa, me yake so, me ya tsare masa hanya. Bari mu ƙirƙiri shiri mu yi aiki da shi, mu sa masa suna "Makullin Shago".

Wani zai rubuta: "Labari ne na wani gida a Kano da ya faɗa rikicin gado, mai cike da darussa da faɗakarwa." Wannan bai gaya wa kowa komai ba, domin shiri ɗari zai shiga cikinsa. Ga yadda ya kamata: "Bayan rasuwar wani dillalin atamfa a Kantin Kwari, 'yarsa Hajara, bazawarar da ta shekara shida tana riƙe masa littafin lissafi a ɓoye, ta gano bashin da ke kansa ya kusa cinye shagon. Tana da zuwa ƙaramar Sallah ta biya, alhali ƙaninta, wanda kowa ya ɗauka shi ne magaji, shi ya ciwo rabin bashin da sunan mahaifinsu."

Duba abin da jimlar ta biyu ta yi. Ta ba da wa'adi, don haka mai kallo ya san akwai ranar da za a yi ta ta ƙare. Ta sa abokin gaba a cikin gida, wanda ba za a iya korarsa ko a guje masa ba. Ta kuma tsaya a kan abin da kowa ya sani, cewa a shari'a sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado, saboda haka duk nairar da Hajara ta biya tana fita ne daga rabon da wani ke jira. Nan ne ƙarfin shirin yake: kowane mako mai bin bashi ɗaya zai iya bayyana, kowane biya zai ɓata wa wani a gidan rai, kowane shafi na littafin lissafi zai tona wani abu game da marigayin.

Akwai gwajin da za ka yi wa kanka kafin kwamiti su yi maka. Rufe kundin, ka faɗi abin da zai faru a kashi na bakwai. Idan amsar ta fito daga ginshiƙin ba tare da wahala ba, shiri gare ka. Idan kuwa sai ka ƙirƙiro hatsarin mota, ko aljani, ko wani ɗan uwa da ya dawo daga Saudiyya ba zato, to abin da ke hannunka fim ne na awa biyu da ake son miƙar da shi.

Mutanen labarina sun kai ashirin. Duka zan saka? Kuma me ake rubutawa a kan kowa?

A'a, Malama. Ki ɗauki huɗu zuwa shida waɗanda labarin ba zai tafi ba sai da su, ki ba kowa rabin shafi. Sauran layi bibbiyu ya ishe su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera siffofi: kyakkyawa ce, mai haƙuri, mai addini, mai son iyayenta. Jaruma ba za ta iya wasa da wannan ba, marubuci ma ba zai fitar da fitowa ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ake so shi ne me mutum yake nema a fili, me yake ɓoyewa, wane hali nasa ne ke jawo masa matsala, kuma ina zai tsaya a ƙarshen zango. Ga na Hajara:

"Shekara 34, aurenta ya mutu, ta dawo gidansu a Fagge da ɗa ɗaya. Tana son wanke sunan mahaifinta a kasuwa. Abin da ba ta faɗa ko ga kanta shi ne tana son shagon, domin ta san ta fi ƙaninta iya riƙe shi. Ba ta neman taimako, kuma ta fi yarda da abin da ke rubuce a kan abin da mutum ya gaya mata, wannan ne zai sa ta zargi wanda bai ci ba. Ta fara zango tana lissafi a ɗaki da dare, za ta ƙare shi zaune a bakin shago da makulli a hannu, amma ƙaninta ba ya yi mata magana."

Shi ma ƙanin kada ki mai da shi mugu zalla. Ki ba shi dalilin da mai kallo zai ji a jikinsa, misali ya ciwo bashin ne ya yi odar kaya don ya nuna wa mahaifinsa ya girma, kayan suka maƙale, farashi ya karye. Sai matan marigayin biyu, suna takaba ta wata huɗu da kwana goma, suna jiran tumunin da za su raba tsakaninsu, ga shi tumunin yana ƙanƙancewa duk lokacin da aka biya wani. Bayan kin gama da kowa, ki ƙara shafi ɗaya da ke nuna alaƙa: wa ke bin wa, wa ya san sirrin wa. Sau da yawa a wannan shafin ne za ki gano mutum biyu suna aiki iri ɗaya a labarin, sai ki haɗe su su zama ɗaya.

Sunan jarumin da kike hange kuwa, ki ajiye shi sai in kun riga kun yi magana da shi ya amince.

Yanayin shiri fa? Ni dai na rubuta "mai ban tausayi da ban dariya".

Kowa haka yake rubutawa. Faɗi abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji. A "Makullin Shago" za ka iya cewa: kasuwa haske da hayaniya, kyamara tana bin mutum a kafaɗa cikin layuka; gida kuwa shiru, kyamara a tsaye, magana ƙasa-ƙasa saboda zaman makoki. Ban dariyar daga bakin yaran shago da 'yan dako take fitowa, ba a ware wani ɗan barkwanci da nasa labarin daban ba. Babu waƙa da rawa, babu bindiga. Hausar Kano ce ta 'yan kasuwa. Ka kuma faɗi ko shiri ne da iyali za su zauna su kalla tare bayan isha'i, domin da wannan tasha za ta san lokacin da za ta sa shi da irin masu tallan da za ta nema. Sannan ka ɗauko fitowa ɗaya gajera daga kashi na farko, rabin shafi, ka liƙa a nan. Za ta fi duk bayaninka aiki.

Idan a Kano za a ɗauka ko a nuna, Hukumar Tace Finafinai ta jihar za ta duba shi, don haka duk wurin da labarin ya taɓa addini, shari'a ko mu'amalar mace da namiji, ka bayyana yadda za ka nuna shi. Lissafin gadon ma ka kai wa malamin da ya san fara'id ya duba, masu kallo za su kama kuskure nan take.

A tsarin zango, in faɗi yadda labarin zai ƙare ko in ɓoye don su ƙagu?

Faɗi. Kwamiti ba masu kallo ba ne, masu zuba kuɗi ne, kuma wanda ya rubuta "sai ku biyo mu ku gani" ana ɗaukarsa bai san ƙarshen ba.

Kashi 13 shi ne mako 13, wato wata uku cif, shi ya sa tashoshi da yawa suka saba da shi. Fara da shafi ɗaya da ke ba da zangon gaba ɗaya, sannan kowane kashi ya samu sakin layi guda mai ɗauke da matsalar makon, abin da ya canza har abada, da abin da aka rufe da shi. A misalinmu, kashi na 1 zuwa na 4 gano bashi ne da ɓoye shi. A kashi na 4 uwargida ta ji, gida ya rabu biyu. A na 7 Hajara ta ga sa hannun ƙaninta a takardar babban bashin, daga nan tambayar ta tashi daga "yaya za a biya" ta koma "za ta tona shi ko za ta rufa masa asiri". A na 10 magana ta je kotu, aka rufe shago ana tsakiyar cinikin azumi, lokacin da Kwari ta fi cika. Na 13 an biya, an raba abin da ya rage, sai ga wata takarda da ke nuna akwai mai rabo a shagon da ba a sani ba. Da ita za a buɗe zango na biyu, layi uku a kai ya isa.

Ka karanta sakin layukan a jere. Duk kashin da za a cire ba tare da na gabansa ya rikice ba, ciko ne, ko ka gyara shi ko ka rage yawan kashin.

Ana saka maganar kuɗi a ciki?

Cikakken kasafi aikin furodusa ne, takardarsa daban. Amma shafi ɗaya na ƙarshe ya kamata ya nuna ka san nauyin abin da ka rubuta. A ƙiyasin da aka saba, shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo. Kashi 13 masu minti 45 sun kama shafi 585. Idan ana ɗaukar shafi 10 a rana, kwana 59 ke nan, a ƙiyasce. Mai riƙe da kuɗi zai yi wannan lissafin a ransa ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba.

Sai ka lissafa wuraren ɗauka na dindindin: shago, gidan Fagge, kotu. Ɗaukar magana a cikin Kwari ana ciniki abu ne mai wuya, ga hayaniya ga 'yan kallo, don haka ka rubuta cewa cikin shagon za a shirya shi a wani wuri mai shiru, a ware kwanaki kaɗan a ɗauki layukan kasuwar na gaske a riƙa sakawa a tsakani.