Matakan da oda ke bi a shagon intanet

Matsayin oda shi ne wannan ɗan rubutun da shagon intanet ke nuna wa mai saye don ya san inda kayansa suka kwana. A yawancin shaguna jerin shi ne an sa oda, an biya, an ɗaure kaya, an tura, an isar, wani lokacin kuma a dawo da kayan. Sai dai a gaskiya abu biyu ne ke tafiya, kuɗi da hanyarsu kaya ma da tasu, kuma rikicin da ake yi da masu shago yawanci daga nan yake tasowa. Shi ya sa Shopify ma, dandalin da ake buɗe shagunan intanet a kai, ya raba su gida biyu, matsayin biya daban, matsayin tura kaya daban.

A ɗauka wata mata a Kano ta yi odar atamfa turmi 2 daga wani shago a Legas, naira 24,000, kuɗin kawowa 3,500. Tana danna saye za a ba ta lambar oda, amma fa har yanzu ba a yi ciniki ba. In shagon WooCommerce yake amfani da shi, wata manhajar gudanar da shagon intanet, odar za ta zauna a Pending payment, wato ana jiran biya, a ajiye mata kayan na ɗan lokaci, asalin saitin minti 60 ne, in lokacin ya wuce kuɗi ba su shigo ba sai odar ta koma Cancelled da kanta a saki atamfar wani ya saya.

Wajen biya ne ake yawan shan wahala. Ta biya da kati, alat ya shigo an cire 27,500, amma shafin yana nan bai motsa ba. Dalili kuwa shagon ba alat ɗinta yake gani ba, saƙo yake jira daga kamfanin da ke karɓar masa kuɗi, in saƙon ya makara ko ya ɓata a hanya to a wajensa ba ta biya ba. Abin da ba a so a nan shi ne ta sake biya don haushi, sai a cire mata sau biyu. Lambar shaidar biyan da ke jikin rasit ita za ta tura wa mai shago ya duba. In saƙon ya iso lafiya odar ta koma Processing, an ga kuɗi ke nan, saura a haɗa kaya. In kuma tiransifa ta yi kai tsaye zuwa asusun shagon, On hold za ta gani har sai mutum ya zauna ya duba asusun da idonsa.

Ɗaure kaya ba shi da dogon bayani, a ɗauko daga sito, a duba kala da adadi, a sa a leda ko kwali a manna adireshi. Nan ne dama ta ƙarshe ta soke oda ko gyara adireshi cikin sauƙi.

Shipped kuwa, wato an tura, ita ce kalmar da ta fi yaudarar mutane. Wasu shagunan suna danna ta ne tun lokacin da suka buga takardar aike, alhali kwalin yana nan a kan tebur. Yadda ake ganewa shi ne a sa lambar bin sawu a shafin kamfanin jigila, in ba a ga inda suka karɓi kayan ba to ba su bar shago ba. WooCommerce ma a asalinsa ba shi da Shipped ko Delivered, Completed kawai gare shi, mai shago ne ke dannawa, don haka ana iya ganinta atamfa tana kan hanyar Lokoja.

Delivered, wato an isar, ɗan aike ne ke sa ta, shi ya sa wasu kamfanoni ke tura wa mai saye lambar sirri, ba a ba da ita sai kaya sun shigo hannu. A tsarin biya-in-an-kawo kuma jerin juyewa yake, a tura a isar sannan a biya, in an kira waya ba a ɗauka ba kaya su koma Legas ba a taɓa biyan ko sisi ba.

In atamfar ta zo da wata kala, dawo da ita mataki ne, dawo da kuɗi wani matakin. Za ta nemi mayarwa cikin kwanakin da shagon ya ƙayyade, kaya su koma, a duba ko an yanka ko an wanke, sannan a sa Refunded. Ko bayan nan kuɗin kati kan ɗauki kwanaki kafin su faɗo asusu, kuma shaguna da yawa 24,000 ɗin kawai suke mayarwa, 3,500 na kawowa sai in laifin nasu ne.