Ba kowane jini a bayan gida ba ne basir

Jama'a, na gaji da jin magana ɗaya a ɗakin duba marasa lafiya: "Ai basir ne." Wa ya duba ka ya ce basir ne? Babu. Mutum ya ga jini a bahaya, ya yanke wa kansa hukunci, ya shiga shan maganin basir wata da watanni.

Wani magidanci mai shekara 52 ya zo mana da kasala da haki. Sai da na matsa masa da tambaya ya ce wata 8 ke nan yana ganin jini gauraye da majina, yau gudawa gobe taurin ciki, kuma ko ya gama sai ya ji kamar da saura. Gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa. Basir ɗin kuwa yana da shi, gaskiya ne. Amma da aka zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, wato kolonoskofi, sai ga ƙari can sama a hanji, wanda aka tabbatar sankara ce. Basir da sankara suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya, maganin basir kuma ba ya taɓa sankara.

Abin da ke ci mini rai, yawancin sankarar hanji daga ɗan tsiro take farawa, ya shafe shekaru kafin ya rikiɗe. In an gan shi da wuri, a lokacin dubawar ake cire shi.

Na san kunya ce ke hana ku. Wallahi wannan aikinmu ne na kullum, duba dubura da yatsa cikin safar hannu kuma ba ya wuce minti biyu. Ko jinin ja ne wur a ƙarshen bahaya, wanda sau tari basir ne ko tsagewar dubura, ku bari mu ne za mu ce haka.

Baƙin kashi kuma ba ya jira. In ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da mugun wari, jini ne da ya zuba tun daga ciki, galibi daga gyambon ciki ko yawan shan asfirin da ibufurofen. A ranar za a je asibiti. In da jiri ko aman jini, a lokacin. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta kashi, sai ku faɗa mana in kuna sha.

Ku zo in kun ga:
- jini kowane iri, ko babu zafi;
- gudawa, taurin ciki ko sirancewar kashi da ya kai mako 3;
- rama ko kasala ba dalili.

Wanda ya kai shekara 45 zuwa 50 ya tambayi likita batun gwajin ɓoyayyen jini a kashi, ko da lafiya ƙalau yake ji. In iyaye ko 'yan'uwa na jini sun yi sankarar hanji, kada a jira waɗannan shekarun.