Intabiyu mai tsari

Intabiyu mai tsari hanya ce ta tantance masu neman aiki inda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a jere ɗaya, sannan a ba da maki bisa takardar da aka tsara tun kafin mutum na farko ya shigo. A nazarin da masana Schmidt da Hunter suka yi a 1998 alaƙarta da ƙwazon ma'aikaci bayan an ɗauke shi ta kai 0.51, hirar kara-zube kuma 0.38, a ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa.

Tambayoyin daga cikin aikin ake ciro su. A ce wata ƙungiyar manoma a Garwa da ke arewacin Kamaru tana neman mai kula da sito, to sai a zauna da wanda ya taɓa riƙe wurin a ji abin da ke ɓata aikin, kamar ƙirgen buhu, rubutun shiga da fita, da masu zuwa da "ai shugaba ne ya aiko ni". Tambaya biyar ko shida sun isa.

Ga ɗaya: takarda ta nuna buhu 200 na masara, ka ƙirga ka samu 194, direba na ta azalzala wai ka sa hannu zai kama hanyar Marwa, ya za ka yi? Maki daga 1 ne zuwa 5 kuma an riga an rubuta irin amsar kowane mataki. Wanda ya ce zai sa hannu daga baya a gyara, 1. Wanda ya ƙi sa hannu ya kira shugaba, 3. Wanda zai sake ƙirgawa a gaban direba, ya rubuta 194 a takardar su sa hannu su biyu, ya kai rahoto ranar, shi ne mai 5. In ba a yi wannan rubutun ba to takardar makin ado ce kawai, don 4 ɗin wani 2 ne a wurin wani.

Masu tantancewa, mutum biyu ko uku, kowa zai rubuta amsar da makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, in ba haka ba babba na magana sauran sai dai gyaɗa kai. Idan maki ya bambanta da 2 ko fiye sai a koma kan abin da mutumin ya faɗa.

Harshe ma abin lura ne a nan, don ana iya yi wa wani tambayoyin da Faransanci wani da Fulatanci ko Hausa, shi ya sa ake rubuta fassarar tun farko kar mai tambaya ya sauƙaƙa wa wani.

Alamar an samu matsala ita ce kowa ya tashi da 3 ko 4, ko na yamma su fi na safe amsa tsaf, wato tambayoyin sun fita waje. Kuma intabiyun ba ta auna iya lissafi, wannan sai a miƙa wa mutum littafin sito da biro ya yi a gani.